Takardar Lauya ta Neman Haƙƙi: Nazari a kan Tsarinta da Lafazinta

Ko da yake sunan wanda ake bi bashi ne a saman takardar da lauya kan aika kafin a shiga kotu, duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san cewa mai karatunta na haƙiƙa shi ne alƙalin da za a miƙa masa ita a matsayin hujja bayan watanni, mutumin da bai san asalin rigimar ba, ba ya kuma da rabo a cikin fushin da ya haife ta. A kotunan ƙananan ƙararraki, waɗanda Legas ta soma kafawa a 2018, Kano kuma ta biyo baya, aika wannan takarda sharaɗi ne kafin a karɓi ƙara.

A ƙaddara wani ɗan kasuwar Dawanau ya sayar wa wani buhu 200 na masara a kan naira 40,000 kowane buhu, jimla miliyan 8, aka ɗora kaya ran 3 ga Maris bisa alkawarin biya cikin kwana 30, mai saye ya biya miliyan 5, sa'an nan ya daina ɗaukar waya. Daftarin farko, wanda galibi daga bakin mai ƙorafi ake kwaso shi, yakan buɗe da tsohuwar abota da cin amana, ya ratsa ta maganar 'yan sanda, adadin bashin kuwa sai can ƙasa. Aikin mai gyara shi ne ya jera al'amura bisa kwanan wata, jumla ɗaya lamari ɗaya, kowane lamari da shaidarsa: ranar ciniki da farashi, takardar ɗaukar kaya da sa hannun wanda ya karɓa, ranar da miliyan biyar ta shiga asusu, da saƙon da mai saye ya turo yana roƙon a ƙara masa haƙuri. Wannan saƙo ya fi shafi guda na ƙorafi daraja, domin iƙirari ne, kuma wanda ya nemi jinkiri bai musa bashi ba. Abin da babu hujja a kansa a fitar da shi, ko da gaskiya ne, gama lauyan ɗaya ɓangaren zai kama wannan guda ɗaya ya rina sauran da shi.

Malamanmu na fiƙihu sun riga mu wannan, domin duk wanda ya karanta Tuhfa ta Ibn Asim ya san cewa ba a sauraron da'awa sai ta kasance tabbatacciya, abin da ake nema kuma sananne. Saboda haka a rubuta naira miliyan 3 da lissafin da ya kai ga ita, kada a ce "sauran kuɗin".

Madogarar shari'a ba ta bukatar tsawo a irin wannan mas'ala: an ƙulla ciniki, an miƙa kaya, an karɓa, lokacin biya ya wuce, saɓa alkawari ya tabbata. Tara sassan dokoki barkatai alamar rauni ce a wajen masani.

Wajen ajali ne na fi ganin sakaci, kuma abin yana damuna, domin a nan takardar take samun ƙarfinta ko ta rasa shi. Wanda ya rubuta "nan take" bai sa wa'adi ba, wanda ya rubuta "cikin kwana 14" bai faɗi ko daga ranar rubutu ko daga ranar karɓa ba, ya buɗe ƙofar jayayya da hannunsa. Abin da ya dace shi ne a ambaci ranar ƙarshe da kwanan watanta, da asusun da za a zuba kuɗin, da matakin da zai biyo baya, wato shigar da ƙara don neman bashin da kuɗin ɗawainiya, a kuma adana shaidar cewa takardar ta isa. Kada a ambaci matakin da mai haƙƙi bai yi niyyar ɗauka ba, don kuwa gargaɗi na biyu da na uku suna koya wa wanda ake bi cewa na farko ma ba kome ba ne.

Amma lafazi, kamewa a cikinsa ladabi ce kuma kariya ce. Kiran mutum macuci ko ɗan damfara a takardar da aka aika kwafinta ga shugabannin kasuwa na iya jawo ƙarar ɓata suna, barazanar kamu kuwa ba ta da gindi, tunda sashe na 8 na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta tarayya ta 2015 ya hana kama mutum a kan saɓa yarjejeniya kawai. Hanyar gwadawa mai sauƙi ce: a bi takardar a soke kowace sifa da aka laƙaba wa mutumin, a bar abin da ya aikata da ranar da ya aikata shi. Idan bayan haka takardar ta zama fanko, to, hujja ce ta yi ƙaranci, sai a koma wa mai haƙƙi a nemi rasiɗai da saƙonni kafin a sa hannu da hatimi.