Harafi ɗaya ya raba ni da fargaba: jinjina ga ssh -L

Jama'a, ku bar ni in yi yabo yau, don abin yabo ne. Na daɗe ina amfani da SSH, manhajar da Tatu Ylönen ya rubuta a Finlan a 1995, amma iyakata da ita in shiga na'urar nesa in buga umarni in fito. Ashe tana ɗauke da wata baiwa a cikin harafi guda, `-L`, ni kuwa ina zaune da ita kamar mai kwana a kan buhun hatsi yana kukan yunwa.

Ga yadda muka haɗu. Ina da wata na'ura da nake haya a Jamus, ni kuma ina Kano. Na saka mata Syncthing, manhajar da ke daidaita fayiloli tsakanin na'urori. Ana sarrafa Syncthing ta wani shafi da ake buɗewa a burauza, kuma tun daga saka ta, shafin yana sauraro ne a `127.0.0.1:8384`. Lambar farko tana nufin "wannan na'urar da kanta", ta biyu kuma lambar ƙofa ce. Wato shafin ba ya amsa sallamar kowa sai ɗan gida. To na'urar tawa ba ta da allo, ba ta da burauza, ni kuma ba zan yanki tikitin jirgi don in danna maɓalli biyu ba.

Dabarar da ta fara zuwa mini ita ce in sauya adireshin zuwa `0.0.0.0`, in buɗe ƙofar ga duniya. Allah Ya kiyaye ban yi ba. Duk mai na'ura a intanet ya san akwai masu bin adireshi suna ƙwanƙwasa ƙofofi dare da rana, kuma wanda ya samu wannan shafin ya samu ikon tura fayilolina inda ya ga dama. Sai wani abokin aikina ya ce, "Malam, ai kana da SSH, me kake nema kuma?" Ya rubuta mini layi ɗaya:

```
ssh -N -L 9090:127.0.0.1:8384 malam@203.0.113.10
```

Na buga, na buɗe burauzata, na rubuta `http://localhost:9090`. Sai ga shafin na'urar Jamus tar a gabana. Wallahi sai da na miƙe tsaye!

Kyan abin yana cikin sassa ukun nan da ke bayan `-L`. Na farko, 9090, ƙofa ce da SSH ke buɗewa a kwamfutarka, ya zauna a bakinta yana jira. Duk abin da burauza ta miƙo nan, sai ya ɗauke shi, ya rufe shi da sirri, ya zura shi a cikin haɗin da ya riga ya ƙulla ta ƙofa ta 22, kamar ruwa a bututu. Sauran sassa biyun saƙo ne ga na'urar can: idan kaya sun iso, ki kai su wannan adireshin, ƙofa kaza. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, har da ni a farko. Wannan `127.0.0.1` na tsakiya ba kwamfutarka yake nufi ba, domin na'urar nesa ce ke karanta shi, kuma a bakinta ma'anarsa "ni kaina". Shi ya sa Syncthing ke ganin baƙon a matsayin ɗan gida ya buɗe masa. Shi kuwa `-N` cewa yake kada a ba ni wurin buga umarni, bututun kawai nake so. Don haka idan allon ya yi shiru bayan ka shiga, ba maƙalewa ya yi ba, aiki yake. In ka gama, `Ctrl+C` ya rushe bututun.

Dubi abin da ban yi ba: ban buɗe sabuwar ƙofa ko ɗaya a na'urar nesa ba, ban saka wata manhaja ba, ban biya ko sisi ba. Mai leƙen layi a hanya ba ya ganin komai sai haɗin SSH da ba zai iya karantawa ba, duk da cewa adireshin da ke burauzata da `http` ya fara.

Abin da ya ƙara mini ƙaunarsa shi ne, idan ya ƙi aiki yana faɗin dalili. Me ya sa na zaɓi 9090 maimakon 8384? Domin kwamfutata ma tana da nata Syncthing ɗin, ya riga ya tare 8384. Ranar da na gwada lambar, SSH ya ce `Address already in use`, amma bai fita ba. Na buɗe burauza na ga shafi, na ɗauka na Jamus ne, ashe na kwamfutata nake kallo. Sai da na duba sunan na'urar a saman shafin na gane. Maganin wannan shi ne `ExitOnForwardFailure yes`, wanda ke sa SSH ya fita nan take in ƙofar ba ta samu ba. Lambar gida kuwa zaɓinka ce, sai dai a Linux ƙofofin ƙasa da 1024 suna neman izinin `root`.

In kuma ka ga `connect failed: Connection refused`, bututun lafiyarsa ƙalau, can ƙarshensa ne babu mai amsawa. Ko manhajar ta mutu, ko ka kuskure lamba. Shiga na'urar ka buga `ss -ltn`, za ka ga ƙofofin da ke sauraro. In `administratively prohibited` ya fito, to yawanci mai kula da na'urar ne ya sa `AllowTcpForwarding no`, shi za ka nema.

Matsalar da ta fi damuna ita ce layi. Idan sabis ya ɗauke, ko bututun ya daɗe babu motsi, sai ya mutu shiru, burauza ta yi ta juyi. Na warware duka a fayil ɗin `~/.ssh/config`:

```
Host jamus
  HostName 203.0.113.10
  User malam
  LocalForward 9090 127.0.0.1:8384
  ExitOnForwardFailure yes
  ServerAliveInterval 30
```

Yanzu `ssh -N jamus` kaɗai nake bugawa. In aka yi daƙiƙa 30 babu motsi, SSH zai taɓa na'urar ya ji ko tana nan. In ya taɓa sau uku babu amsa, wato kusan daƙiƙa 90, sai ya yanke ya sanar da ni, in sake ɗaurawa.

Soyayya ba ta hana faɗin gaskiya. Bututun TCP kaɗai yake ɗauka, ban da UDP. Muddin yana buɗe, duk wanda ke amfani da kwamfutarka zai iya shiga 9090, saboda haka ka sa wa shafin kalmar sirri duk da haka. Sannan in ka sa adireshin wata na'ura ta uku a tsakiya, sirrin yana ƙarewa ne a na'urar da ka shiga, ragowar tafiyar a fili take.

Hukuncina dai goma bisa goma. Mai Linux da mai macOS kusan duk suna da `ssh` a shirye, Windows 10 ma tun 2018 take zuwa da shi. Ɗan'uwa, in kana da shafin sarrafawa da ka bari a buɗe ga duniya, mayar da shi `127.0.0.1` yau ɗin nan, ka shige shi ta bututu.