Ranar da sabis ya ɗauke, ciniki bai tsaya ba

Ni ba mai saurin yabo ba ne, amma manhajar Loyverse POS ta sace mini zuciya, kuma ba zan ɓoye ba. Shekara biyu ke nan ina riƙe wa yayata lissafin gidan abincinta da ke Kawo a Kaduna, ba nisa da tashar mota, kuma tun ranar da muka ajiye littafin rasit muka ɗauki wannan manhaja na daina kwana da ciwon kai.

Kada sunan ya rikita mai karatu. Ba na'urar kati nake nufi ba, irin ta masu cire wa mutane kuɗi a ƙarƙashin laima a Kasuwar Barci ko titin Ahmadu Bello. Wannan littafin ciniki ne a cikin waya. Kana danna shinkafa da miya biyu, zoɓo ɗaya, ta haɗa kuɗin, ta fitar da rasit, ta rage abin da aka sayar daga lissafin kaya. Ainihin manhajar kyauta ce, kuma wayar Android mai matsakaicin kuɗi ta ishe ta.

Abin da ya sa nake rawar jiki a kanta shi ne yadda aka jera aikin. Wasu manhajojin sai sun tura ciniki ta intanet sun jira amsa kafin su yarda an yi ciniki, don haka da sabis ya yi tari sai su sandare. Ita kuwa wayar ce littafi na farko, intanet ɗan aike ne kawai. Jerin abinci da farashinsa suna zaune a cikin wayar tun lokacin da ka shiga. Kowane ciniki a nan ake fara rubuta shi da lambarsa da lokacinsa. In ɗan aike na nan, nan take ya tafi da kwafi. In ba ya nan, rasit ɗin ya shiga layi ya jira, da alamar Unsynced a jikinsa, wato bai isa rumbun kamfanin ba tukuna. Ƙaramar firintarmu ma ta Bluetooth take magana da wayar, ba ruwanta da data.

Mutumin Kaduna ba sai an yi masa dogon bayanin amfanin wannan ba. Mun ga yadda aka rufe layukan sadarwa a wasu sassan jihar daga ƙarshen Satumbar 2021 har zuwa Nuwamba. Mun kuma ga ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet da harkar banki suka rikice a Najeriya. Tsakanin irin waɗannan manyan ranaku kuma akwai ƙananan ɗaukewa na kullum, da ba mai ƙirga su.

Ga ranar da ta gama saye ni. Wata Juma'a ce, ana sakkowa daga masallaci, shago ya cika maƙil. Wajen ƙarfe biyu data ta ɗauke ɗif. Yarinyar da ke kan kanta ta ɗago a firgice ta ce, "Hajiya, sabis ya tafi!" Yaya ta waiwayo gare ni: "Auta, mu ɗauko biro ne?" Na ce, "Yaya, ku ci gaba da zuba abinci kawai." Haka aka yi ta dannawa, firinta na ta tofo rasit kamar ba abin da ya faru. Zuwa biyar da kwata, rasit 63 ne a layi, na naira 141,500: tsabar kuɗi 96,000, taransifa 45,500. Da sabis ya dawo ban taɓa komai ba. Ina kallo alamun suka ɓace, na buɗe Back Office, wato shafin mai shago, na tarar da su 63 cif. Wallahi sai da na yi tafi ni kaɗai.

Akwai wata 'yar dabara da ta ƙara burge ni. Waya biyu muke aiki da su, ta kanta da ta masu odar tafi-da-gidanka. Da kowacce za ta ƙirga rasit da kanta ba tare da jin 'yar'uwarta ba, da lambobi sun ci karo. Sai aka sa lambar waya a gaban ta rasit: 1-1042 daga ta farko, 2-1042 daga ta biyu. Ko sun wuni ba su gaisa ba, da sun haɗu kowane rasit ya san gidansu.

To, masoyi na gaskiya shi ke faɗin iyakar abin da yake so. Na farko, muddin sabis bai dawo ba, waya ɗaya ba ta san abin da ɗayar ta sayar ba. A wannan Juma'ar yankan kaza 12 suka rage. Kanta ta karɓi kuɗin 8, masu oda suka karɓi na 6. Da lissafi ya haɗu sai ya nuna kaya sun gaza da 2, ga shi mun riga mun ba mutum biyu haƙuri. Laifinmu ne. Yanzu da alamar ta bayyana sai mu raba kayan da baki: takwas na kanta, huɗu na oda, wanda ya cinye rabonsa ya leƙa kicin ya tambaya.

Na biyu, manhajar tana rubuta abin da ka gaya mata ne, ba ta tabbatar da shigar kuɗi. Mun ƙara hanyar biya mai suna Taransifa kusa da ta tsabar kuɗi, amma danna ta ba ya nufin kuɗi sun sauka. Mai alat na bogi ranar rashin sabis yake so. Don haka baƙon fuska sai mu bar odarsa a buɗe da sunansa, kada a rufe ta sai an gani a asusu. Mayar wa mai saye kuɗinsa ta cikin manhaja da ƙara sabon kaya su ma sai da intanet, shi ya sa biro bai yi ritaya gaba ɗaya ba: mu rubuta lambar rasit, mu gyara daga baya.

Na uku shi ne mafi girma. Tsawon awa ukun nan, cinikin naira 141,500 a waya ɗaya da 'yar'uwarta kaɗai yake a duk duniya. Da ɗayarsu ta faɗa tukunyar miya, ko wani mai neman gyara ya goge manhajar don ya sake saukewa, shi ke nan. Dokar gidanmu uku ce: ba mai goge komai, waya ba ta rabuwa da batirin caji na ko-ta-kwana, kuma ba a rufe shago sai an duba shafin Receipts an ga ba sauran Unsynced. In layinmu ya ƙi, sai mu ari data daga wayar da ke kan wani layin na minti biyu, su wuce.

Masu iya magana sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ni dai ba zan iya jira ba. Ranar Juma'ar nan da dare Yaya ta ƙirga kuɗin aljihun tebur, na karanto mata abin da manhaja ta ce ya kamata a samu. Naira ɗari biyu ce ta yi giɓi, can kuma sai yarinyar ta tuna ta sayo ƙanƙara da ita.