Nazari Kan Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Dilan Da Ya Saɓa Wa'adi

Akwai masu cewa wai wasiƙar ƙorafi da ta fara da sallama da tambayar iyali rauni ce, kuma wanda aka saɓa wa alkawari sau biyu ba abin da ya kamace shi sai faɗa. Wannan magana ce ta wanda bai daɗe a kasuwa ba, domin tun zamanin da fatake ke zuwa Gwanja sayen goro, malamai na rubuta musu wasiƙu da Larabci ko ajami, ba a taɓa ɗaukar doguwar gaisuwa a matsayin yafe haƙƙi ba.

A ɗauka mai gidan burodi ne a Kano ya biya kuɗin fulawa buhu 40 wurin wani dila a kasuwar Singa, aka yi da shi ranar Litinin, kaya ba su iso ba sai Alhamis. A karo na biyu aka sa 3 ga wata, ba su iso ba sai 9. Gwanin rubutu, bayan ya ce "Ranka ya daɗe Alhaji, bayan gaisuwa da fatan alheri," ba zai rubuta "ka yaudare ni" ba, domin wannan hukunci ne a kan niyya, ita kuwa niyya Allah kaɗai ya san ta, kuma dila zai sami ƙofar rantsuwa da kawo uzurin direba ko lalacewar mota. Abin da zai rubuta shi ne, "An yi alkawarin Litinin, kaya suka iso Alhamis." Bai ambaci mai laifi ba, amma ya kafa ranaku biyu waɗanda rasit da takardar karɓar kaya za su yi musu shaida, har Alhaji ya rasa abin musu alhali mutuncinsa na nan. Daga nan sai ya faɗi hasara a taƙaice: an kashe wuta kwana uku, an biya ma'aikata ba aiki, masu shayi sun koma wani gida.

A ganina dai, ƙarfin wasiƙar duka yana cikin ajali. Malaman fiƙihu, kamar yadda ya zo a Risala ta Ibn Abi Zaid, sun sharɗanta wa cinikin salam, wato a biya kuɗi kaya su biyo baya, sananniyar siffa da sanannen ajali. Saboda haka idan mai burodi ya rufe da cewa, "Muna roƙon odar gaba ta iso ranar 20 ga wata, in hakan bai samu ba a maido mana da kuɗinmu mu nemi wani wuri," bai yi barazana ba, sharaɗin asali ya tunatar. Wasiƙar da ta cika da zafi amma babu rana a cikinta, dila zai karanta ya ajiye, kuma a karo na uku ma kaya za su makara.