Wasiƙa Ɗaya, Baffa da Ɗansa

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Minjibir zuwa Dambatta, Makoɗa, Kunci da Bichi, gona tana jingine da gona, kusan babu saura, kuma ƙasa ba ta hutawa. Abin da ke riƙe ta shi ne taki. Saboda haka maganar fili a nan maganar zumunci ce, domin wanda ke maƙwabtaka da kai a iyaka yawanci jininka ne. Idan ɗan cirani ya zauna a Legas ko Fatakwal zai rubuto gida kan gona, ya san kuskuren kalma ɗaya na iya kai 'yan'uwa gaban dagaci. Wannan ce ta sa wasiƙar gona ta fi kowace nuna yadda Bahaushe yake auna girmamawa a rubuce.

Siffar wasiƙar tamu tsohuwa ce. Takardun Larabci da aka samu a gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya shirya fassararsu aka buga a 1927, suna tafiya kan tsari guda: daga wane zuwa ga wane, gaisuwa da addu'a, sannan a shiga magana, a rufe da sallama. Da boko ya yaɗu, musamman bayan fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 da azuzuwan Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, sai talaka ya gaji wannan tsari da Hausa: takarda ta fito daga hannun wane, gaisuwa mai yawa da so da yarda da aminci, bayan haka, haza wasalam. Yau saƙon ya koma waya, amma mai aikawa ga babba har yanzu a kan wannan turba yake, ko da murya ya ɗauka.

Mu ɗauki misali. Wani saurayi yana cirani. Kafin mahaifinsa ya rasu ya ba ƙaninsa, Baffan yaron, jinginar gonar bakin rafi a kan naira 200,000. Yanzu yaron ya tara kuɗin, yana so ya fanshi gonar ya noma ta bana. Dole maganar ta isa tun da rani, kafin Baffa ya kai taki, domin idan ya riga ya zuba mangala-mangala na takin gida, karɓe gonar a wannan shekarar ya zama cin guminsa. Mutum biyu zai rubuta wa: Baffan kansa, da ɗan Baffan, sa'ansa, wanda a zahiri shi ke riƙe da garmar. Saƙon bai wuce abu uku ba: wace gona, nawa ne kuɗin, yaushe.

Ga ɗan'uwan nasa, abin ba wuya:

"Ɗan'uwa, ya gida, ya zafi? Ka gai da mutan gidanka. Kuɗin jinginar gonar bakin rafi sun haɗu, dubu ɗari biyu cif. Zan zo da su bayan sallah ƙarama. Don Allah kada ka kai taki can bana, ka mai da shi gonarku ta bayan gari. Na rubuta wa Baffa, amma ka bari ya fara yi maka maganar."

A nan mai yi a fili yake: zan zo, na rubuta. Umarni ma a fili yake: kada ka kai. "Don Allah" guda ɗaya ta wadatar. Idan ya ƙara a kan haka ya ɓata. Da zai buɗe da "Zuwa ga Malam wane, bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci", ɗan'uwan zai ajiye takardar ya tambayi kansa laifin da ya yi, domin tsakanin sa'o'i ladabi mai yawa alamar fushi ce, ja da baya ne. Wanda kuka yi kiwo tare, ranar da ya kira ka da cikakken sunanka da Malam a gaba, ranar ya fara yi maka kallon bare. Da kuwa taubashinsa ne, ɗan goggonsa, har da tsokana zai buɗe, kuma rashin tsokanar shi zai zama abin tambaya.

Ga Baffa kuma:

"Zuwa ga mahaifina Baffa. Gaisuwa mai yawa da fatan an wuni lafiya, da Inna da yara duka. Allah ya ƙara girma, ya ja kwana. Bayan haka, ban manta da yadda aka tsaya wa marigayi lokacin da yake cikin matsi ba, da yadda aka riƙe mana gonar bakin rafi har yau ba ta lalace ba. Allah ya saka da alheri. Allah ya hore abin da aka ba shi, naira dubu ɗari biyu. Shi ne nake neman izini, idan an amince, in zo da su bayan sallah ƙarama, tun ba a kai taki ba, don kada a yi wahala biyu. Duk yadda aka ce, haka za a yi. Ɗanka."

Mutane da yawa suna zaton bambancin yana can sama, a gaisuwa da addu'a. Wannan shi ne ɓangare mafi sauƙi, kowane ɗan firamare zai iya haddace shi. Aikin yana cikin jikin maganar. A duba ko'ina a wasiƙar ta biyu, ba a ce wa Baffa "ka" ba, sai a "ɗanka" na sa hannu. An wuni, an tsaya, an riƙe, an amince, aka ce. Hausa tana girmama mutum ta hanyar ɗauke yatsa daga kansa, kamar yadda yaro ke sunkuyar da kai gaban babba. Wasu gidajen "ku" suke amfani da ita, musamman ga surukai, su ce "kun wuni lafiya" ga mutum ɗaya. Duka biyun suna yi, muddin aka riƙe ɗaya har ƙarshe. Wanda ya fara da "an" ya koma "ka" a tsakiya, daidai wurin da kuɗi ya shigo, ya tona kansa: ladabin na gaisuwa ne kawai.

Shi ma marubucin ya janye kansa. Bai ce "na tara kuɗin" ba, ya ce Allah ya hore. "Zan zo" ta koma "in zo, idan an amince". Kalmar jingina ma ta ɓace, da fansa, domin su ne ke sa Baffa ya zama mai bin bashi, yaro ya zama mai karɓar haƙƙi. Sai ya ce an riƙe mana. Wannan "mana" tana da aiki: a hankali ta tabbatar da cewa gonar ta magada ce, ba tare da an yi musu ba. Haka kuma "kada ka kai taki", wadda ba ta faɗuwa ga uba, ta zama "tun ba a kai taki ba, don kada a yi wahala biyu". Hani ne ya koma tausayawa. Sunan Baffa na yanka bai fito ba, na mahaifin ma bai fito ba, marigayi kawai, domin alkunya a takarda ma tana nan.

Akwai dalilin da ya sa dole a yi wannan taka-tsantsan, wanda masu koyar da rubutun wasiƙa a aji ba su cika ambata ba. Wasiƙar sa'a, shi kaɗai zai karanta. Ta dattijo kuwa sau da yawa karanta masa za a yi, a zaure ko a dakalin ƙofar gida bayan la'asar, ta bakin jikansa ɗan makaranta, ga maƙwabta suna ji. Duk kalmar da aka rubuta za ta fito daga bakin yaro zuwa fuskar tsoho a gaban mutane. "Ka ba ni gonata" a irin wannan zama ta wuce rashin ladabi, ta zama tozarci, kuma dattijon da aka tozarta zai ƙi abin da da ya yarda da shi. Saƙon murya ma haka yake, domin a fili ake kunna shi.

Sai dai ga inda na fi ganin ana faɗawa rami, kuma shi ya fi damuna. Yaro mai tarbiyya yakan yi ta lulluɓe magana har ta ɓace. Ya rubuta shafi guda na addu'a, sannan ya ce "akwai 'yar maganar nan ta wajen marigayi, in Allah ya kawo ni ma tattauna." Baffa ya ji daɗi, ya sa albarka, ya kai takinsa. Yaro ya iso da kuɗi ya tarar an yi shuka. Daga nan kowa yana da gaskiya, kuma kowa ransa a ɓace. Gwajin mai sauƙi ne: a ba wani wanda bai san zancen ba ya karanta wasiƙar dattijon, a tambaye shi wace gona, nawa, yaushe. Idan ya kasa amsa ɗaya, a sake rubutu. A misalinmu an sassauta aikatau, an sauya mai yi, amma bakin rafi, dubu ɗari biyu da bayan sallah suna nan a wasiƙun biyu, harafi da harafi. Dole su zama ɗaya, domin uba da ɗa a gida ɗaya suke kwana, kuma takardun za su haɗu. Idan ta ɗan ta ce bana tabbas, ta uban ta ce duk lokacin da aka ga dama, za a ce yaron baki biyu gare shi.

Jimlar nan ta "duk yadda aka ce, haka za a yi" ita ma sai an yi hattara da ita. Ba ado ba ce. Idan Baffa ya ce a bar masa bana saboda ya riga ya sayi taki, an ɗaure. Wanda bai shirya jin haka ba gara ya rubuta "ina roƙon a duba mini, domin da ita nake sa ran ciyar da ƙannena bana", wadda ladabi ce amma ba ta miƙa wuya gaba ɗaya ba. Haka nan roƙon da ya yi wa ɗan'uwansa, cewa ya bari Baffa ya fara magana, yana cikin girmamawar. Babba ba ya son jin labarin gidansa daga bakin ɗansa, don haka ta dattijo ake fara aikawa.

Ba kowane babba ake yi wa addu'a iri ɗaya ba. "Ranka ya daɗe" da "Allah ya ja zamaninka" na masu sarauta ne, dagaci ko hakimi, irin Sarkin Ban Kano a Dambatta. Liman ko malamin allo "Allah gafarta Malam" ake ce masa. Idan aka ɗauki ta hakimi aka ɗora wa Baffa, an mai da shi hukuma, kuma a maganar gona wannan yana wari irin na ƙara. Idan kuma lamarin ya ƙi har aka rubuta wa dagaci, to a nan jingina da fansa sai su dawo da sunayensu, a ambaci shekarar da aka bayar da shaidun da suka halarta, domin shi ba Baffa ba ne, zai yi hukunci ne da abin da aka rubuta.