Reshen Da Ya Kwana Uku Ya Fara Tsami

Mu uku ne a wani ɗaki kusa da kasuwar Tafo, muna gina manhajar da masu karɓar susu ke rubuta zubin 'yan kasuwa. Da farko kowane aiki reshensa daban a Git, sai an gama a haɗa da `main`. Mun ɗauko salon ne daga tsarin `git-flow` da Vincent Driessen ya wallafa a 2010, ba mu lura ba cewa shi kansa a 2020 ya shawarci masu manhajar intanet da ake sabuntawa kullum su nemi hanya mafi sauƙi.

Ga inda ya cije mu. Ɗayanmu ya yi mako uku a reshensa yana rubuta lissafin ladan mai susu, yana ɗaukar kuɗi a sidi. Ana cikin haka na mayar da duk adadin da ke `main` zuwa fesuwa, don guje wa kuskuren ɗigo. Ranar haɗewa Git bai ce uffan ba, domin ba layi ɗaya muka taɓa ba; shi layuka yake kwatantawa, bai san ma'ana ba. Zubin sidi 20 ya fito 2,000 a takardar wata mai sayar da koko. Ita ta gano, ba mu ba, kuma har yau abin yana damuna.

Shi ya sa na fi yarda da aiki a gangar jiki ɗaya: reshe kada ya wuce yini ko biyu, kowa ya zuba nasa a `main`, gwaji ya gudu da kansa a kowane zubi. Aikin da bai nuna ba a ɓoye shi bayan makunni, a kunna idan ya kammala. Da haka muke yi, da abokina ya ci karo da fesuwa tun washegari. Amma tsarin yana da sharaɗi. In babu gwajin da ke gamawa cikin kamar minti goma, ɓarnar mutum ɗaya takan tsayar da kowa, kuma makunnin da ba a cire ba yakan zama tarko.

Reshen fitarwa kuwa yana da gurbinsa. Manhajar Android tana zaune a wayoyin mutane, mai susu kuma ba zai ƙona datarsa don sabuntawa kullum ba. Saboda haka ranar fitarwa muke yanke reshe, ba kafin nan ba. In matsala ta taso, a gyara a `main` tukuna, sannan a ɗauko gyaran:

```
git switch release/1.4
git cherry-pick -x <commit>
```

Wanda ya fara gyara a reshen fitarwa yakan manta ya mayar da shi `main`, sai kuskuren ya sake ɓullowa a 1.5. Mu dai ba ma riƙe irin wannan reshe fiye da biyu a lokaci ɗaya, domin hannu shida ba su isa gwada na uku ba.