Karin Maganar da Ke Ɗaure Mai Shago

Masu kushe karin maganar da ake rubutawa a allon shago kashi biyu ne. Akwai 'yan boko masu cewa abin ya tsufa, wai ɗan kasuwan yau suna mai ƙyalli da lambar waya yake buƙata, su "Gaskiya dokin ƙarfe" kuma a bar wa tsofaffin motocin katako. Akwai kuma masu cewa munafunci ne, domin sun ga shagon da aka rubuta gaskiya a goshinsa ana tauye mudu a cikinsa. Na farkon ba zan ɓata lokaci a kansu ba, wanda ya taɓa tsayawa a Kantin Kwari ko Dawanau ya ga yadda ake ɗaukar kayan miliyoyi a kan kalmar baki ya san cewa ba ƙyallin allo ke riƙe da cinikin nan ba. Na biyun sun fi cancantar amsa, don abin da suka gani gaskiya ne. Sai dai sun ɗora laifin a inda ba nan yake ba.

Tarihin abin gajere ne. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, ake cin Kasuwar Kurmi, kuma fataken da suka yi ta safarar goro daga Gwanja ba su da allo ko rasit. Abin da suke da shi fatoma ne da dillali, mutanen da ke tsaya wa baƙo su ci la'adarsu a kan sunansu. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Sabo ta Ibadan, ya nuna yadda ake ba mahauta shanu bashi, mai gida ya tsaya a tsakani, in kuɗi ya maƙale a wuyansa yake. Karin maganar gaskiya da amana a bakin irin waɗannan mutane ta rayu kafin ta hau bango. Da boko ya yaɗu, masu fenti suka kwashe ta suka kai jikin mota da ƙofar kanti. A 1939 kuma, a Zariya, jaridar da Abubakar Imam ya yi wa edita ta fito da suna Gaskiya Ta Fi Kwabo, ana sayar da ita kwabo ɗaya. A ganina ba a taɓa yin allon ciniki da ya kai wannan ba a ƙasar Hausa, domin ya faɗi farashi, ya kuma ɗauki alkawarin cewa abin da za ka samu ya fi abin da ka biya.

Dabarar da na fi so a wannan fanni ita ce yanke karin magana a tsakiya. Mai allo ya rubuta "Gaskiya dokin ƙarfe" ya tsaya. Ba wani Bahaushe da zai karanta wannan zuciyarsa ba ta ƙarasa masa ba: maƙaryaci ba ya hawa. Haka "Ƙarya fure take", kowa ya san ba ta 'ya'ya. Haka "Ciki da gaskiya", mai wucewa ne zai ce wuƙa ba ta huda shi. Wasu na ɗauka ƙarancin fili ne ko tsadar fenti ke sa a gajarta. Ko da hakan ne ya fara jawo shi, abin da gajartawar ke yi ya wuce nan. Rabin da aka rubuta a kowanne daga cikin ukun nan mai laushi ne, doki ne da fure da ciki. Rabin da aka bari kuwa shi ne mai kaifi, a nan maƙaryaci da wuƙa da rashin 'ya'ya suke. Ɗan kasuwa bai kira kowa maƙaryaci a ƙofar shagonsa ba, wanda da ya yi haka da ya zama habaici ga maƙwabcin rumfa, da kuma rashin kunya ga baƙon da bai riga ya yi tayi ba. Mai saye ne ya furta kalmar da kansa. Kuma da zarar ya furta, ya zama shaida. Ya ji abin da mai shago ya ɗaukar wa kansa, da bakinsa ya ƙarasa shi, don haka ranar da aka cuce shi ba sai ya nemo hujja daga nesa ba.

Nan ne masu zargin munafunci suka kuskure. Suna karanta allon kamar kirari, wato mai shago yana yabon kansa, shi ya sa in hali ya saɓa wa rubutu sai su ce rubutun banza ne. Ni kuwa ina karanta shi a matsayin jingina. Wanda ya rubuta gaskiya a bangonsa ya miƙa wa duk mai shigowa bulalar da za a dake shi da ita. Mai tauye mudu a ƙarƙashin allon da babu komai a kansa sai suna da lambar waya, cuta kawai ya yi. Mai tauyewa a ƙarƙashin "Gaskiya dokin ƙarfe" ya yi cuta, ya kuma ajiye abin da za a nuna da yatsa a gaban jama'a, kuma a kasuwa kunyar gaban jama'a tana da tsada ƙwarai.

Bari mu ɗauki misali. A ce wata mai tuwon sayarwa ta sayi buhun masara da aka ce mata kwano 40 ne. Ta kai gida ta auna da kwanonta ta sami 37, ƙasan buhun kuma duk dusa da tsakuwa, mai kyan an zuba ta a sama. Hanyoyin wannan algus ɗin sanannu ne: a bubbuga gindin kwano ya shige ciki, ko a shafe tozon awo da hannu, ko a haɗa tsohon hatsi mai ƙwari da sabo. Ta dawo rumfar. In allon mutumin yana cewa "Hassada ga mai rabo taki", me za ta yi da shi? Tun kafin ta buɗe baki allon ya riga ya sa ta a layin mahassada. In kuwa "Alkawari kaya ne" ke rubuce, ba ta buƙatar ɗaga murya. Ta dubi allo ta ce, "Alhaji, kwano 40 ka ce mini. Ga kayanka can a sama, a sauke mini ukun da suka rage." Maƙwabtan rumfa za su ji, kuma da wuya Alhaji ya bari maganar ta kai ofishin ƙungiya saboda kwano uku. Wannan shi ne gwajin da nake yi wa kowace karin magana kafin in ce ta dace da allo: shin mai saye zai iya karanta ta ga mai shago ranar rigima, ta tsaya masa?

Da wannan gwaji da yawa daga cikin abin da ke jikin shagunanmu sun faɗi. "Na gaba ya yi gaba" da 'yan uwanta zancen kishi ne tsakanin 'yan kasuwa, babu ruwan mai saye a ciki. "Gaskiya ɗaci gare ta" magana ce mai kyau a majalisa, amma a ƙofar shago tana iya zama mafakar mai tsawwalawa. "Araha ba ta ado" ma haka, tana kare farashi ba tare da ta lamunci kaya ba. Ita kuwa "Sayen nagari mayar da kuɗi gida" tana tsaka-tsaki, kuma ina sonta duk da haka. A fuska talla ce, tana cewa ka biya da tsada ba ka yi asara ba. Amma ta ce "nagari", kuma mai atamfar da ta zuba a wankin farko yana da damar tambaya ina nagartar take. Wanda bai shirya karɓar kayansa in sun gaza ba, kada ya rubuta ta.

Wani malami zai ce me ya sa ba za a rubuta aya ba, alhali ga Suratul Muɗaffifina an saukar a kan masu tauye awo. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ban bi shi ba. Allon shago yana shan ƙura da ruwan sama, yana faɗuwa a taka, ranar da aka tashi daga rumfa a jefar da shi. Ban da haka, ba kowace mace ko yaro da aka aika ba ne zai iya jefa wa dattijo aya a fuska, nauyin ya yi yawa, kuma daga nan rigimar kwano uku ta koma zargin imani. Karin magana kowa na da iko da ita. Ana iya faɗarta da murmushi, wanda aka faɗa wa ya gane, ya gyara, ba tare da an tsinka shi ba.

Ƙungiyoyin 'yan kasuwa su ne suka fi ba ni takaici a wannan babi. Kusan duk wadda za ta buga kalanda ko katin zama ɗan ƙungiya, zancen haɗin kai take ɗauka, su "Tsintsiya maɗaurinki ɗaya" da "Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka". Ba na musun amfaninsu ranar gobara ko ranar da haraji ya yi yawa. Sai dai masu ɓoye hatsi don ya yi tsada su ma kansu a haɗe yake. Taken da ke magana da 'yan ƙungiya kaɗai bai gaya wa baƙon da ya zo daga Maraɗi ko Damagaram komai ba, alhali shi ne ya bar kuɗinsa a hannun mutumin da bai san gidansa ba. Ƙungiya ta gaji kujerar fatoma ne, aikinta ta tsaya wa baƙo, don haka takenta ya kamata ya fuskanci waje. "Ramin ƙarya ƙurarre ne" ya dace da ƙofar ofishinta fiye da kowace tsintsiya, saboda yana gargaɗin na ciki, yana kwantar wa na waje da hankali. "Bashi hanji ne" ma ya dace da inda ake sasanta masu bin juna kuɗi: ragowar, cewa yana cikin kowa, tana hana mai bin bashi wulaƙanta wanda ake bi, ba tare da ta yafe ko sisi ba.

Amma ƙungiyar da ta rubuta irin wannan take ta ɗauko wa kanta aiki. Dole a sami kwano ɗaya na ƙungiya a ajiye a ofis, wanda kowa ya yarda da shi, da sikelin da ake dubawa, domin mai ƙara ya zo da hatsinsa a auna a gabansa da gaban wanda yake ƙara. Dole a san ranar da shugabanni ke zama, da abin da ke biyo baya in laifi ya tabbata: a cika wa mai saye abin da aka tauye, a karɓe kwanon da aka bubbuga, in mutum ya maimaita a rufe rumfarsa na wasu kwanaki. Kuma hukuncin ya hau kan mai rumfa goma kamar yadda yake hawa kan mai tebur ɗaya, don a nan yawancin ƙungiyoyi ke sanyi.