Hoto ɗari a waya, ɗinki ɗaya bai zauna ba

Sabuwar al'ada ta shigo shagunan teloli daga Sabon Birni har Isa. A da mace kan tsaya gaban kalandar ɗinki da tela ya manna a bango, ta nuna ɗaya da yatsa. Yanzu waya take miƙawa, cike da hotunan da ta kwaso daga WhatsApp da TikTok, ko waɗanda ƙawa ta tura mata ta Xender a gidan biki. Wasu na cewa wannan kwaikwayo ne kawai, ya kashe wa mata basira. Ni ban yarda ba. Tara hotuna hanya ce mai kyau ta gane salon da ya dace da mutum, amma tarawar kaɗai ba ta haifar da komai. Amfanin yana cikin ƙirga abin da ke maimaituwa, kuma nan ne akasarinmu muke tsallakewa.

Mu nan bakin iyaka abin ya fi rikicewa, domin iska biyu ke kaɗa mu. Daga Maraɗi da sauran garuruwan Nijar ana samun bubu mai faɗi, da shadda mai rinin Mali, da aikin zare mai nauyi a ƙirji. Daga Kano da Sakkwato da Abuja kuma ga riga da siket masu kama jiki, ga leshi, ga duwatsu masu walƙiya. Yarinya ɗaya tana da duka biyun a wayarta, kowanne ya burge ta ranar da ta gan shi. In an tambaye ta wanne ne nata, sai ta ce duka. Wadda ta ce duka kuwa, ɗinkin da ta gani jiya da dare shi za ta kai wa tela, bayan Sallah ya koma ƙasan akwati.

Ga yadda aikin yake in ana so ya yi amfani. Hoto 30 zuwa 40 sun isa, amma a tara su a hankali cikin wata ɗaya ko biyu. Dalili shi ne TikTok da Instagram suna ƙara turo wa mutum irin abin da ya tsaya ya kalla. In kika kwashi hoto 30 a dare guda, abin da manhajar ta zaɓa miki kika tara, kuma maimaicin da za ki gani nata ne. Sai an gauraya da hotunan da aka ɗauka a biki da suna, da na mutanen da ake gani ido da ido, kafin tarin ya faɗi gaskiya.

Mataki na biyu tankaɗe ne. A ɗora babban yatsa a kan fuskar mai hoton, a sake duban kayan. Sau da yawa abin da ya ja ido kwalliyar fuska ce, ko hasken fata, ko falon da aka tsaya a ciki, ko kuma sunan jarumar fim ɗin da ta sa kayan. In an rufe fuska kayan suka zama ba komai ba, a goge hoton. Abin da ya rage sai a ɗauko takarda a ja layi huɗu: launi, yanka, ado, da irin yadi. Kowane hoto a rubuta masa kalma ɗaya a ƙarƙashin kowane layi, sannan a ƙirga. Abin da ya fito a fiye da rabin hotunan shi ne salon mutum. Abin da ya fito sau biyu ko uku sha'awar rana ɗaya ce.

Na ga wannan ya yi aiki a kan ɗiyar wana, wadda ke zaune a Isa. Kullum cewa take ita mai ruwan hoda ce da duwatsu, kuma duk turmin da aka saya mata haka ake bi. Ta zauna da hotuna 36, gwajin yatsa ya zubar da 8, saura 28. Da ta ƙirga launi, 17 ruwan hanta ne ko ruwan ƙasa mai duhu. Ruwan hoda 4 ne kacal, kuma dukkansu hotunan amare ne. A layin yanka, 19 doguwar riga ce sakakkiya mai faɗin hannu. A layin ado, duwatsu sun fito sau 5, amma siririn aikin zare a bakin hannu da ƙasan riga ya fito sau 15, abin da ita kanta ba ta taɓa lura da shi ba. Ta daɗe tana duban takardar, sannan ta ce, "Gwaggo, ashe ba rigar nika so ba, amarcin nika kallo."

Takarda ba ta isa shaida ita kaɗai ba, sai an kai ta gaban akwati. Kayan da mutum ya fi sawa su ne waɗanda wanki ya fara cinye wa launi, su za a fitar a jera. Amma a ware anko gefe, a ware kayan lefe da na kyauta, domin waɗannan zaɓin uwar biki ne ko na dangin miji. Mace na iya samun anko bakwai masu ruwan ɗorawa ta ɗauka launinta ke nan, alhali shekarar ce aka yi yayinsa. A akwatin yarinyar nan, bayan an ware waɗannan, riguna uku ne suka ji jiki, biyu masu duhun launi, dukkansu sakakku. Hoto da akwati sun yi magana ɗaya. Inda suka saɓa kuwa, a bi akwati, domin shi jiki ya riga ya gwada.

Akwai wurare uku da hoto ke yaudara, kuma kowanne yana cin kuɗi. Na farko launi. Hasken waya da tacen da ake yi wa hotuna suna mayar da ruwan hanta ja, su mayar da shuɗi mai duhu kamar baƙi. Kada a je kasuwa ana kara waya da turmi a cikin rumfa mai duhu. A yanko ƙyalle daga tsohuwar rigar da launinta ya karɓi mutum, a fito da turmin waje a haɗa su a hasken rana.

Na biyu yadi, kuma nan ne tela ya ceci ɗiyar wana. Ta kai masa atamfa da hoton riga mai hannu yana zuba kamar ruwa. Ya ja hoton ya ƙara masa girma, ya murza atamfar tsakanin yatsunsa, ya ce, "Ɗiyata, wanga yadi mai santsi na. In na yanka miki shi ga atamfa, hannun tsaye za shi yi, ba ya kwantawa." Gaskiyarsa. Atamfa auduga ce mai tauri, shadda ta fi ta, musamman gezna sabuwa. Suna riƙe siffa, shi ya sa bubu da riga da zani ke kyau da su. Yanka mai zuba da tattara yana son yadi mai laushi. Da ta koma layi na huɗu a takardarta, sai ga shi yawancin rigunan nan 19 ba atamfa ba ne. Aka rage faɗin hannun, aka sa siririn aikin zare a bakinsa, atamfar ta zauna daidai. Mai zubar kuma aka bar ta sai ranar da aka sayi yadin da ya dace da ita.

Akwai kuma lissafin yadi da hoto ba ya nunawa. Turmin atamfa yadi 6 ne. Doguwar riga madaidaiciya da ɗankwali suna fita a ciki har a sami saura. Amma siket mai buɗewa sosai a ƙasa, ko hannu mai tattara ninki biyu, suna iya cinye turmin har ɗankwali ya zama ɗan siriri. In zanen atamfar manyan furanni ne da dole a daidaita su a gaba da baya, asarar ta ƙaru. A tambayi tela wannan kafin almakashi ya taɓa yadi.

Na uku shi ne rayuwar da za a sa kayan a cikinta. Mai hoton ta tsaya ne a ɗaki mai sanyi na minti biyar. Mu kuwa daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma leshi mai shafi biyu a irin wannan rana azaba ne. Da hunturu ƙura ba ta barin farin yadi ya kai la'asar. Siket mai matse gwiwa ba ya hawa babur, babur kuwa shi ne motar yawancin ƙauyukanmu. Sannan mafi yawan matanmu da dogon hijabi suke fita. Duk adon da aka zuba a wuya da ƙirji sai cikin gida ko taron mata ake ganinsa. Abin da ke fita waje launi ne, da ƙasan riga, da bakin hannu. Wadda ta gane haka za ta san inda ya kamata kuɗin aikin zare ya tafi a kayan fita, ta bar adon wuya ga kayan biki.

Maza ma ba a bar su a baya ba, sai dai nasu layukan sun fi gajarta: tsawon kaftani, ko ya tsaya a gwiwa ko ya sauka ƙasa, yankan wuya, yawan aiki a ƙirji, da hula, ko zanna bukar ce ko kube ko damanga. Saurayin da ya ƙirga zai iya tarar da cewa duk hotunansa aikin zare ne mai launi ɗaya da shaddar, alhali shi kullum mai bambancin launi yake biya.

Za a iya cewa a yankin da ke fama da rashin tsaro da tsadar abinci, maganar salo shagala ce. Ni a ganina halin da ake ciki ne ma ya sa lissafin ya zama dole. Zuwa Sakkwato ko Shinkafi ko Maraɗi sayen yadi ba tafiya ce da ake yi da wasa ba yanzu, kuma gida da yawa turmi ɗaya ko biyu ake iya saya a shekara. Mai turmi goma in ɗaya ya lalace ba ta ji ba. Mai turmi ɗaya in ya lalace, Sallarta ce ta tafi. Don haka ko bayan ƙirga, a fara gwada sabon yanka a kan atamfa mai sauƙin kuɗi, a sa ta a wanke ta sau biyu ko uku, kafin a taɓa shadda mai tsada.

Iyakar wannan hanya ita ce tana nuna abin da ido ya riga ya saba so, ba ta kawo sabo. Jiki ma yana sauyawa da haihuwa da shekaru, don haka takardar bana ba lallai ta yi aiki bayan shekara uku ba, sai an sake zama. Kuma ba ta maye gurbin awo da idon tela.

Kirana ga 'yan'uwa mata shi ne, kafin ɗinkin Sallah mai zuwa ku ba takarda da biro rabin sa'a, ku je shago da jimla ɗaya da ta ƙunshi launi da yanka da ado, da hoto biyu ko uku da ke mara mata baya. Ku kuma teloli, in an miƙo muku waya, ku tambayi abin da aka gani a hoton, ku faɗi gaskiyar yadin tun kafin ku karɓi kuɗin kafin alƙalami.